Jirgin Wa Ya Kwashe Su? Matsayin Wanda Aka Tare a Teku Aka Mai da Shi Libiya

"Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ya bi ta Agadez ya shiga Libiya, ya hau kwale-kwalen roba zuwa Italiya. A tsakiyar teku wani jirgi ya kwashe su ya mai da su Libiya, yanzu haka yana tsare. Wani ya ce min doka ba ta da ta cewa, tunda ba su taka ƙasar Turai ba, kuma shi ba ɗan gudun hijira ba ne, ci-rani ya tafi. Don Allah haka ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kuɓutar da shi, Ya sa ku gana da alheri. Wanda ya faɗa maka haka ya riƙe wutsiyar magana ne ya saki kanta. In Allah Ya sa ƙaninka ya samu waya ya kira, abin da za ka fara tambayarsa bayan gaisuwa shi ne jirgin da ya kwashe su na wace ƙasa ne. Wace tuta ce a jikinsa, wane irin kaki ma'aikatansa suka saka, da wane harshe suke magana a tsakaninsu. Za ka ga dalili nan gaba, domin a shari'o'in da aka yi kan wannan lamari, wannan tambaya ta fi nauyi a kan tambayar ko sun kusa Italiya ko ba su kusa ba.

Bari mu fara da kalmar da aka ce ba ta hau kansa ba. A bakinmu duk wanda masifa ta raba da gidansa ɗan gudun hijira ne. A doka kuwa kalmar tana da ƙunci. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Geneva a 1951, wadda aka faɗaɗa a 1967 ta shafi duniya baki ɗaya, ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa, yana jin tsoro mai tushe cewa za a gallaza masa in ya koma, kuma gallazawar saboda ɗaya daga abubuwa biyar ce: ƙabilarsa ko launinsa, addininsa, asalin al'ummarsa, kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a na musamman, ko ra'ayinsa na siyasa. Sannan ƙasarsa ba za ta iya kare shi ba, ko tsoron ya hana shi neman kariyarta. Talauci, komai tsananinsa, ba ya cikin biyar ɗin nan. Haka rashin aiki, haka fari. Akwai kuma wani abu da yake ba mutane mamaki: tsoron da ake aunawa shi ne na ƙasar mutum ta asali. Duk azabar da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya sha a Sabha ko Bani Walid ba ta mai da shi ɗan gudun hijira a ƙarƙashin wannan ma'ana, tunda Libiya ba ƙasarsa ba ce. Afirka tana da tata yarjejeniyar ta 1969 wadda ta fi faɗi, ta haɗa da wanda ya gudu saboda mamaya ko tashin hankalin da ya dagula zaman lafiyar jama'a, amma ƙasashen Afirka kawai ta ɗaure, Italiya da Malta ba sa ciki.

To in da nan maganar ta tsaya, da mai ba ka labari ya yi gaskiya. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya tsallake.

Na farko, ba takarda ce ke mai da mutum ɗan gudun hijira ba. Daga ranar da ya tsallake iyakar ƙasarsa da irin wancan tsoro ya riga ya zama, hukumar da ta saurare shi daga baya shaida kawai take yi kan abin da yake akwai. Wannan ita ce fahimtar da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya take kai tun da daɗewa, kotuna da yawa kuma sun karɓa. Ka duba abin da hakan ke haifarwa a teku. Mutum ɗari da ashirin a cikin roba guda, jiƙe sharkaf, fetur da ruwan gishiri sun ƙone wa wasu cinya, ba mai fasfo a hannu. A cikinsu akwai wanda ya gudu daga aikin soja marar wa'adi a Eritiriya, akwai ɗan Darfur, akwai yarinyar da aka yi wa alƙawarin aikin gyaran gashi alhali sayar da ita aka yi, akwai kuma wanda gonarsa ce ta ƙi. Ba hafsan da zai tsaya a kan jirgi ya dube su da ido ya ware. Tunda ba a san wanene wanene ba sai an saurare su, mai da su gaba ɗaya ba tare da sauraro ba yana nufin an mai da har waɗanda doka ta hana a mayar.

Na taɓa zama da wani saurayi Bahaushe da ke neman mafaka. Zama na farko na tambaye shi abin da ya fito da shi, ya ce neman abinci. Na tambayi gida, ya ce lafiya lau. Sai a zama na uku, bayan mun sha shayi an ɗan saba, ya ambata a tsakiyar wata magana cewa mahaifinsa limami ne da ya ƙi yi wa 'yan bindiga abin da suka nema, suka kashe shi, suka kuma aiko cewa saura ɗan. Bai ɓoye don yaudara ba. Mu haka aka rene mu, ba a zazzage wa baƙo ciki, kuma "lafiya lau" ita ce amsar ko da gida na ci da wuta. In wannan yaro ya ɗauki zama uku a ɗaki mai kujera da harshensa na haihuwa, ka ƙiyasta abin da zai faɗa wa soja Bature a kan ruwa cikin minti biyu. Saboda haka ni ban cika saurin karɓar "ci-rani ya tafi" ba sai na ji daga wane gari ya fito da abin da ya baro. Mutum na iya fita neman kuɗi kuma yana da tsoro na gaske, ɗayan ba ya kore ɗayan.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar ƙaninka, ko da a ce ci-ranin ne zalla. Haramcin tisa ƙeyar mutum zuwa inda zai halaka yana da tushe fiye da ɗaya. Sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya hana a kori ɗan gudun hijira ko a mai da shi, ta kowace irin hanya, zuwa yankin da ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Wannan na 'yan gudun hijira ne da masu neman a saurare su, kuma yana da togaciya ga wanda ya zama barazana ga tsaron ƙasa ko aka yanke masa hukunci kan babban laifi. Amma yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, a sashenta na 3, da kuma sashe na 3 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai yadda kotunsu ta fassara shi, sun hana a miƙa kowane mutum inda akwai haɗari na gaske cewa za a azabtar da shi. Na Turai ya ƙara da cin zarafi da wulaƙanci. A nan ba a tambayar dalilin fitowarka, ba a tambayar ko kana da biza, ba togaciya. Kuma haɗarin da ake dubawa shi ne na wurin da za a kai ka, wato Libiya kanta. Ɗan ci-rani da ɗan gudun hijira kafaɗarsu ɗaya a wannan ƙofa.

Saura batun teku. An daɗe ana jayayya ko waɗannan dokoki suna bin jami'an ƙasa in sun fita daga iyakarta. Ruwan da ake lissafawa na ƙasa mil 12 ne na teku daga gaɓa, kimanin kilomita 22. In aka yi nisa sosai an shiga tekun da ba na kowa ba. Amurka ce ta fara kai maganar babbar kotu. A farkon shekarun 1990 jiragenta suna tare kwale-kwalen mutanen Haiti suna mai da su, a 1993 kuma Kotun Ƙolinta ta yanke, alƙalai takwas a kan ɗaya, cewa sashe na 33 ba ya aiki a wajen ƙasar Amurka. Alƙalin da ya saɓa, Harry Blackmun, hujjarsa mai sauƙi ce: kalmar ta ce kada a mayar, kuma wanda ya fita teku ya kamo mutum ya kai shi hannun wanda ya gudu daga gare shi ya mayar. Ni ina tare da shi, yawancin masanan fannin ma haka, amma hukuncin yana nan a Amurka har yau.

A Bahar Rum kuwa maganar ta bi wata hanya, kuma shari'ar da ta warware ta ta cancanci a bi ta daki-daki, domin kusan hoton abin da ka ba ni labari ce. A watan Agustan 2008 firaministan Italiya na lokacin, Berlusconi, da Gaddafi suka sa hannu kan yarjejeniyar abota a Benghazi, cikinta har da haɗa kai wajen tare masu tsallaka teku. Ranar 6 ga Mayun 2009, kwale-kwale uku ɗauke da mutum wajen 200 da suka taso daga Libiya suna mil 35 kudu da tsibirin Lampedusa na Italiya, kimanin kilomita 65, a tekun da ba na kowa ba, cikin yankin da Malta ke da alhakin ceto. Jiragen hukumomin Italiya suka tare su, aka kwashe su zuwa jiragen soja na Italiya. Bisa abin da mutanen suka shaida, ba wanda ya tambayi sunansu, ba wanda ya faɗa musu inda za a kai su, an karɓe kayansu har da takardun shaida, su kuma suna zaton Italiya aka nufa. Bayan tafiyar kimanin awa goma sai ga tashar jiragen ruwa ta Tripoli. Sun ce sun ƙi sauka, aka sauke su da ƙarfi aka damƙa wa hukumomin Libiya. Washegari ministan harkokin cikin gida na Italiya ya fito gaban 'yan jarida yana alfahari da aikin.

Mutum 24 daga cikinsu, 11 'yan Somaliya da 13 'yan Eritiriya, suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg. Ana kiran shari'ar da sunan na farkonsu, Hirsi Jamaa. Italiya ta kare kanta da hujjoji da za ka ji sun yi kama da na mai ba ka labari. Ta ce abin bai faru a ƙasarta ba. Ta ce ceto ta yi, ba kamu ba, kuma dokar teku ce ta wajabta mata. Ta ce ba wanda ya buɗe baki ya nemi mafaka. Ta ce Libiya ta yi alƙawari a rubuce za ta mutunta dokokin duniya.

Ranar 23 ga Fabrairun 2012 babban zauren kotun ya yanke hukunci, bakin alƙalan ya zo ɗaya, aka rushe hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Kan batun wuri, kotu ta ce jirgi a tekun da ba na kowa ba yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta, kuma tun daga lokacin da mutanen suka hau jiragen sojan Italiya har aka miƙa su, suna hannun Italiya ne ita kaɗai, a doka da kuma a aikace. Kiran abin ceto bai canza wannan ba. Kan cewa ba su nemi mafaka ba, kotu ta ce halin da baƙi ke ciki a Libiya sananne ne, rahotanni sun cika ko'ina, don haka Italiya ta sani ko ya kamata ta sani, kuma nauyin bincike a kanta yake ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Alƙawarin takarda ba ya wanke ƙasa in abin da ke faruwa a zahiri ya saɓa masa. An samu Italiya da laifi ta fuska huɗu. Ta jefa su cikin haɗarin cin zarafi a Libiya. Ta jefa su cikin haɗarin Libiya ta tura su Eritiriya da Somaliya, tunda Libiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba kuma ba ta da tsarin ba da mafaka, wanda ke nuna cewa mayarwa ta hannun wani ma mayarwa ce. Ta kore su jumla ba tare da duba kowa shi kaɗai ba, a jiragen da babu tafinta, babu lauya, babu wanda aka horar kan yin tambayoyi. Sannan ba ta ba su wata kafa ta ƙalubalantar abin kafin a aiwatar ba. Aka ce a biya kowannensu Yuro 15,000. Biyu daga cikin masu ƙarar sun rasu kafin a kai ga hukunci, kuma 14 daga cikinsu hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da su 'yan gudun hijira ne a Tripoli cikin watannin da suka biyo bayan mayar da su, abin da ke nuna irin mutanen da aka sauke ba tambaya.

Hujjar ceto tana buƙatar ƙarin bayani, domin har yau da ita ake fakewa. Gaskiya ne duk kyaftin ɗin da ya ga mutane za su nutse wajibi ne ya taimaka, wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta masu tafiyar ruwa, an kuma rubuta ta a dokar teku ta 1982 da yarjejeniyoyin 1974 da 1979. Amma ceto ba ya ƙarewa da tsamo mutum daga ruwa. Tun gyaran da aka yi a 2004, bayan taƙaddamar jirgin Tampa da Ostireliya ta hana sauke mutane a 2001, ƙa'idar ita ce a kai waɗanda aka ceto wurin aminci. Wurin aminci ba lallai ya zama tasha mafi kusa ba, kuma ba ya nufin busasshiyar ƙasa kawai. Wanda aka tsamo daga ruwa aka kai shi ɗakin da za a dake shi ana kiran 'yan'uwansa a waya su ji kukansa su aiko kuɗi, an gudu ne ba a tsira ba. Raunin dokar shi ne ba ta ambaci ƙasar da dole ta buɗe tasharta ba, shi ya sa kake jin jirgi ya yi kwanaki yana shawagi da mutane ana jifan juna da alhaki tsakanin Italiya da Malta.

Wannan ƙa'ida ta hau har kan jiragen 'yan kasuwa. A ƙarshen Yulin 2018 wani jirgi mai tutar Italiya, Asso Ventotto, da ke yi wa wata rijiyar mai ta cikin teku hidima, ya kwashi mutum 101 ya kai su Tripoli. Kotu a Napoli ta yanke wa kyaftin ɗin ɗaurin shekara guda a 2021, kotun ƙoli ta Italiya kuma ta tabbatar a farkon 2024, bisa cewa Libiya ba wurin aminci ba ce.

Yanzu ga ɓangaren da ba daɗi, wanda kuma nake jin shi ya fi kusa da abin da ya sami ƙaninka. Hukuncin 2012 ya rataya ne a kan abu guda, cewa mutanen suna hannun Italiya. Gwamnatoci suka karanta shi da kyau, suka ga inda ƙofar take. In hawa jirginmu ne ke jawo alhaki, to kada su hau jirginmu. A watan Fabrairun 2017 Italiya ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da gwamnatin Tripoli, aka ba masu gadin tekun Libiya jirage da horo da kayan aiki, da kuɗin Italiya da na Tarayyar Turai. A tsakiyar 2018 aka yi rajistar wani makeken yanki na teku a matsayin wanda Libiya ke da alhakin ceto a cikinsa. Jiragen sama na Turai suna hango kwale-kwale daga sama, a sanar, jirgin Libiya ya zo ya kwasa. Mai kallo daban, mai biya daban, mai kamu daban.

An gwada kai wannan salo kotu, kuma mutanenmu ne suka kai. Ranar 6 ga Nuwamban 2017 wani kwale-kwalen roba mai ɗauke da mutum wajen 150 ya fara nutsewa arewa da Tripoli. Sun kira cibiyar ceto ta Roma, ita kuma ta sanar da jiragen da ke kusa da hukumomin Libiya. Jirgin Libiya mai suna Ras Jadir, wanda daga hannun Italiya ya fito, da jirgin ƙungiyar agaji ta Sea-Watch suka iso kusan tare. Aka yi rububi a kan ruwa, aƙalla mutum 20 suka mutu, 59 suka samu shiga jirgin agaji aka kai su Italiya, 47 aka koma da su Libiya. Mutum 17 daga waɗanda suka tsira, 'yan Najeriya da Ghana, suka yi ƙarar Italiya a Strasbourg, suna cewa ita ce mai jan zaren. A watan Yunin 2025 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. A ganinta karɓar kiran neman agaji da sanar da wasu, da ba Libiya kuɗi da jirage, ba su kai a ce mutanen suna hannun Italiya ba, domin ma'aikatan jirgin Libiya da kansu suke aiki. Kotun ba ta ce abin da aka yi daidai ne ba, ba ta kuma ce Libiya ta zama wurin aminci ba. Cewa ta yi ba a gabanta za a tuhumi Italiya kan wannan ba. Ni dai hukuncin bai kwanta min ba, domin ya koya wa ƙasashe cewa abin da aka hana ka yi da hannunka kana iya ɗaukar ɗan kwangila ya yi maka. Amma shi ne matsayin da ake kai, ba zan ɓoye maka ba.

Ka ga ke nan dalilin tambayar da na fara da ita. In jirgin da ya kwashe su na sojan ruwa ne ko masu gadin teku na wata ƙasar Turai, ko da na awa ɗaya ne suka hau kafin a juye su cikin na Libiya, to hukuncin 2012 ya hau kansa kai-tsaye, ko ci-rani ya tafi ko gudun rai. In jirgin 'yan kasuwa ne, a nemo sunansa da tutarsa, da kuma wanda ya ba kyaftin umarnin inda zai sauke su, domin ana iya bin ƙasar tutar a kotunanta. In kuwa na Libiya ne tun daga farko har ƙarshe, wanda shi ya fi yawa a 'yan shekarun nan, hanyar Strasbourg ta yi ƙunci ƙwarai. Ba wai ba a taka doka ba. Kowa na da 'yancin barin kowace ƙasa, tsare mutum ba tuhuma ba wa'adi haram ne, azabtarwa haram ce, kuma Libiya ta sa hannu a yarjejeniyoyin da suka faɗi haka. Matsalar ita ce inda za a kai kuka. Hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul tana karɓar koke daga ɗaiɗaikun mutane, amma tana da jinkiri, kuma ba ta da sandar tilasta wa kowa.

Kada kuma a ɗauka cewa haramcin tisa ƙeya izinin zama ne a Turai. Abin da yake bayarwa shi ne kada a mai da kai cikin haɗari, kuma a saurare ka kai kaɗai, da tafinta, da damar ɗaukaka ƙara. Da an sauke ƙaninka a tsibirin Sicily na Italiya, aka saurare shi, aka ga ba shi da abin tsoro a gida, doka ta yarda a sa shi a jirgin sama zuwa ƙasarsa. Ko wanda ya fito daga yankin da ake rikici, irin su Gwoza ko Diffa, ana yawan tambayarsa me ya hana shi komawa wani gari a cikin ƙasarsa, Kano ko Yamai, kuma da yawa a nan ƙararsu ke faɗuwa. Bambancin shi ne gida za a kai shi bayan bincike, ba kurkukun wata ƙasa ba tare da an tambayi sunansa ba.

Game da abin yi yanzu, fitar da shi daga inda yake shi ne gaba da kowace shari'a. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana aiki a Libiya cikin takura, kuma galibin waɗanda aka bar ta ta yi wa rajista 'yan wasu ƙasashe ne ƙalilan, irin su Sudan, Eritiriya, Somaliya, Habasha da Siriya. Daga cikin irinsu ne aka fara kwaso wasu zuwa Nijar a ƙarshen 2017, aka riƙa ajiye su a Yamai da Hamdallaye kafin a samar musu ƙasa ta uku. Ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar, hanyar da ta fi buɗuwa ita ce ta Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya tare da ofishin jakadancin ƙasarsa, waɗanda ke shirya komawa gida bisa yardar mutum. In ba abin da yake tsoro a gida, wannan ita ce mafita mafi sauri, kuma karɓarta ba ta goge laifin da aka yi masa a teku. In kuwa akwai abin da ya kore shi, ya faɗa wa ma'aikacin ƙarara kafin ya sa hannu a komai, ya ajiye kunya gefe, domin takardar da ta ce ya koma da son ransa za a iya ɗaga masa ita nan gaba.

Kai kuma daga nan ka buɗe littafi. Duk kiran da ya yi, rubuta rana da lambar da ya kira da ita. Ka tambaye shi garin da suka taso, Zawiya ne ko Sabrata ko Garabulli, da daren da suka taso, awa nawa suka yi a ruwa, su nawa ne, ko wani a cikinsu ya kira lambar neman agaji da wayar tauraron ɗan'adam, ko sun ga jirgin sama yana kewaya su kafin jirgin ruwan ya iso, da lambar da ke rubuce a gefen jirgin in ya tuna. Ƙungiyoyin da ke bibiyar teku suna ajiye bayanan zirga-zirgar jirage da kiraye-kirayen agaji, kuma da rana da wuri ake gane wane kwale-kwale ne, wa ya fara ganinsa, wa ya kira wa. Ka adana saƙonnin murya da duk shaidar kuɗin da aka nema a hannunku. In har ta kai ga lauya, wa'adin kai ƙara Strasbourg wata huɗu ne kacal tun 2022, ana lissafawa daga hukuncin ƙarshe na cikin gida, ko daga faruwar abin in babu wata hanyar ƙara a can. Za a buƙaci takardar wakilci da sa hannunsa, kuma kada lambarsa ta ɓace wa lauyan. A shari'ar Hirsi sai da Italiya ta nemi a yi watsi da ƙarar kan ingancin takardun wakilci, abin da ya taimaka shi ne suna ɗauke da sa hannu da zanen yatsa, kuma lauyoyin sun nuna sun ci gaba da tuntuɓar mutanensu ta waya, ko da yake daga baya wasu sun ɓace musu.